Za a yi mini aikin ƙaba kafin azumi, yaya zan faɗa wa mushrif?

Sabi'u Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara. Ina aiki a mustauda, wato rumbun ajiyar kayan abinci, a nan kudancin Jidda, yau shekara biyu da wata huɗu. Aikina lodi da sauke kaya ne, katan ɗin mai, buhun shinkafa mai kilo 10 da mai kilo 40. Tun bayan Babbar Sallah wani kumburi ya fito mini a matsematsi ta dama, in na kwanta ya koma, in na ɗaga kaya ya fito. Likita ya duba ya ce ƙaba ce, fatak inji su, kuma sai an yi aiki. Ya ba ni ranar 10 ga Sha'aban, saura kwana 25 ke nan. Ya ce da na'urar minzar, mai leƙa ciki ba tare da an buɗe shi ba, za a yi, ƙila ma a sallame ni ran nan. Damuwata ita ce daga tsakiyar Sha'aban har Sallah ba mu da numfashi a wurin aiki, ko hutun shekara ba a ba kowa. Mushrif ɗinmu, wato mai kula da mu a wurin aiki, ba mugu ba ne amma yana da saurin fushi. In faɗa masa yanzu ne, ko in bari sai an yi aikin in tura takardar asibiti?

Baba Ɗanjuma Misfala: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ɗana. Ni shekarata 31 a ƙasar nan. Shawarata ka ja bakinka ka yi shiru. Ranar aiki ka je a yi maka, sannan ka tura musu takarda. Takardar likita ba mai iya ƙin ta. Amma in ka ba su kwana 25 suna tunani, wallahi sai sun nemo wani sun sa a gurbinka. Ɗan ƙanwata haka aka yi masa, ya faɗa da zuciya ɗaya za a yi masa aikin basir, sati bai zagayo ba suka ce sun gode.

Ummu Fahad: Amin, Allah ya sa kaffara ne. Baba, tare da girmamawa, ɗan ƙanwar taka watansa nawa a wurin lokacin da abin ya faru?

Baba Ɗanjuma Misfala: Bai cika wata uku ba, sabon zuwa ne.

Ummu Fahad: To ka ga wannan yana cikin lokacin gwaji ne. A lokacin gwaji kamfani na iya sallamar mutum ba tare da ya kawo dalili ba. Sabi'u ya wuce nan da nisa. Ni a ofishin harkokin ma'aikata nake aiki a Makka, irin waɗannan takardu ta hannuna suke wucewa, bari in faɗi abin da ke rubuce. Sashe na 117 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ba ma'aikacin da rashin lafiyarsa ta tabbata kwana 30 da cikakken albashi, sai kwana 60 da kashi uku cikin huɗu na albashi, sai wasu kwana 30 ba albashi. Duka a cikin shekara ɗaya, kuma shekarar tana fara ƙirguwa ne daga ranar hutun rashin lafiya na farko, ba daga Muharram ko Janairu ba. Sashe na 82 kuma ya hana mai kamfani ya sallami ma'aikaci saboda ciwo kafin ya cinye waɗannan kwanaki.

Baba ya yi gaskiya a abu ɗaya, takardar da asibiti ta shigar ba a ƙin ta. Amma takardar kwanakin kwanciya kawai take rufewa. Matsalar Sabi'u ba a nan take ba. Sabi'u, likitan ya ce kwana nawa zai rubuta maka, kuma yaushe ya ce za ka iya ɗaga buhu?

Sabi'u Jidda: Hajiya ya ce sati biyu zan huta. Maganar buhu ban tambaya ba gaskiya, na ɗauka in sati biyun ya cika shi ke nan.

Auwalu Nas: A'a Malam Sabi'u, nan ne mutanenmu suke cutar da kansu. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen tiyata a Madina. Aikin ƙaba na minzar ƙananan huda uku ake yi a ciki, a shimfiɗa raga a bayan wurin da ya yage. Fatar waje cikin kwana goma ta haɗe, mutum ya ga yana tafiya lafiya lau, ya ce ai na warke. Ciki kuwa bai gama ba, ragar tana bukatar lokaci nama ya kama ta. Mai aikin zama a ofis yakan koma bayan sati ɗaya ko biyu. Mai ɗaukar kaya masu nauyi yawanci sati huɗu zuwa shida ake ce masa ya dakata. Likitoci suna ɗan bambanta a kan wannan, shi ya sa naka ne zai yanke, amma sai ya san aikinka. In ka ce masa "ina aiki a kamfani" zai ɗauka kujera kake zama. Ka koma ka ce masa buhun kilo 40 nake ɗagawa tun safe har la'asar, sau kaza a rana. Ka tambaye shi abu uku: kwana nawa a gida, yaushe zan iya tuƙi, yaushe zan ɗaga nauyi kuma kilo nawa. Ka roƙe shi ya sa amsar a takarir, wato rahoton likita.

Ka lissafa da kanka. In an yi aiki 10 ga Sha'aban, sati biyu ya kai ka 24 ga Sha'aban. Sati shida kuwa ya kai ka wajen 22 ga Ramadan. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai sati huɗu da kake tsaye da ƙafarka, takardar hutu ta ƙare, amma ba ka da ikon taɓa buhu. Kuma daidai lokacin da mustauda take cin wuta.

Ummu Fahad: Yauwa, abin da nake so a fito da shi ke nan. In ka bi shawarar yin shiru, ranar 25 ga Sha'aban za ka shigo dawam, wato bakin aiki, mushrif ya riga ya ji haushin ɓacewarka ba sanarwa, tirela na tsaye a ƙofa, ka ce masa ba ka ɗaukar kaya. Me kake tsammani? Ko dai ka ji kunya ka ɗauka, aikin ya lalace, ko ku yi rigima. In kuwa tun yanzu ya sani, yana da kwana 25 na neman inda zai sa ka. Sanya ka a aiki marar nauyi ba abu ne da za ka shigo ka ce dole ba, abu ne na fahimtar juna, kuma ba a samun fahimta da wanda aka yi wa bazata.

Sani Direba: Ni dai in ni ne gida zan tafi. Ka nemi huruj wa auda, bizar fita da dawowa, ka je Kano a yi maka a gaban 'yan uwanka, a dama maka kunu, a kula da kai. Nan wa zai ɗauko maka ko ruwa? Ni da ciwon ido ya dame ni hutu na ɗauka na tafi.

Sabi'u Jidda: Malam Sani ba maganar inda za a yi ba ce, a nan ta'amin, wato inshorar lafiya ta kamfani, zai biya. In na tafi gida kuɗin jirgi da na asibiti duk a kaina. Kuma ɗakinmu mu huɗu ne, akwai mai kula da ni in sha Allah.

Sani Direba: To Allah ya sa a dace. Amma ka tabbatar akwai wanda zai ɗauko ka daga asibiti, ba sa barin mutum ya tuƙa kansa bayan allurar barci.

Auwalu Nas: Wannan gaskiya ne, kuma a samu mai kwana da shi daren farko.

Ummu Fahad: Tunda ka ambaci ta'amin, muwafaka, wato amincewarsu, ta fito?

Sabi'u Jidda: Sun ce sun tura, za su kira ni.

Ummu Fahad: To kada ka ba mushrif ranar 10 a matsayin yankakkiya. Aikin da ba na gaggawa ba, dole sai kamfanin ta'amin ya amince, wani lokaci su dawo da takarda su ce a ƙaro hoton duban ciki ko ƙarin bayani. Ga gwajin jini da ganin likitan allurar barci, in sun ga sukari ko hawan jini ya yi sama sai su ɗaga. Mun yi wani ma'aikaci da ya ce ranar kaza, aka ɗauko mai riƙe masa wuri daga wani reshe, ranar ta zo aka ɗaga aikin da kwana tara, shi kuma bai faɗa ba sai da safiyar. Mudir, wato manaja, ya fi jin haushin wannan a kan aikin kansa. Ka ce "an sa ranar 10, ana jiran amincewar ta'amin, duk canjin da aka samu zan sanar da kai a ranar da na ji."

Kuma ka san cewa hutun rashin lafiyar kansa ba ya fitowa kafin aiki. Sai an yi, asibiti ta shigar, sannan ka gan shi a manhajar Sehhaty, ka sauke ka tura wa ofis, su kuma su duba lambarsa su tabbatar. Abin da kake da shi yanzu takardar mau'idi ce, wato ta ranar da aka ba ka, da takarir. Su za ka nuna.

Yadda zan so ka yi: ka same shi baki da baki, ba lokacin da mota ke lodi ba, bayan sallar azahar ko ƙarshen dawam. Kuna gamawa, a ranar, ka tura masa saƙo a rubuce, kwafi kuma ya je ofishin ma'aikata. Kamar haka, sai ka sa a juya maka Larabci:

"Kamar yadda muka yi magana yau, likita ya sa mini ranar yin aiki 10 ga Sha'aban, ana jiran amincewar ta'amin. Ya ce zan yi kimanin kwana 14 a gida. Bayan nan zan iya dawowa aiki, amma ba zan ɗaga kaya masu nauyi ba har zuwa wajen 22 ga Ramadan. A wannan tsakanin zan iya ƙirgar kaya, duba takardun fita da shirya oda. Ga takardar likita a haɗe. In ranar ta canza zan sanar nan take."

Ranaku biyu, da abin da za ka iya yi a tsakaninsu. Kada ka cika shi da ban haƙuri, kuma kada ka rubuta shi kamar kana neman izinin yin rashin lafiya.

Baba Ɗanjuma Misfala: Hajiya, ke a ofis kike mai sanyi. Doka tana takarda, mu muna ƙasa. Ba za su ce don ciwo suka kore shi ba, jira za su yi kwangila ta ƙare su ƙi sabuntawa. Wace doka ce ta hana wannan?

Ummu Fahad: Babu, Baba, a nan ka fi ni gaskiya. Kwangilar baƙo mai wa'adi ce, in ta ƙare suna da damar ƙin sabuntawa. Ba zan ce ba ya faruwa ba, na gani da idona. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa shiru yana kare mutum daga wannan. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ranar 10 za su sani. Sabi'u, shiga manhajar Qiwa ka duba ranar ƙarewar kwangilarka ka gaya mana.

Sabi'u Jidda: Na duba, saura wata takwas.

Ummu Fahad: Alhamdu lillahi. Kafin lokacin ka warke ka yi musu aikin Hajji gaba ɗaya, maganar ta tsufa. Da a ce saura wata ɗaya ne, da sai mu zauna mu yi wani tunanin.

Baba Ɗanjuma Misfala: Ni dai na faɗi abin da na gani. Allah ya sa naku ne daidai.

Maman Hanan: Salam. Don Allah ni ma ina da irin wannan. Ina aikin gida a Riyad, likita ya ce akwai ƙari a mahaifata sai an cire, kuma buɗe ciki za a yi. Ke nan ni ma ina da kwana 30 da cikakken albashi da 60 ɗin nan? Ban gaya wa madam ba tukuna, tsoro nake ji.

Ummu Fahad: Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. A'a, lissafin da na kawo ba naki ba ne. Masu aikin gida da direbobin gida suna da tasu ƙa'ida daban, ba sa ƙarƙashin wancan sashen. A taku hutun rashin lafiya kwana 30 ne a shekara bisa takardar likita, 15 na farko da cikakken albashi, 15 na biyu da rabi. Kwangilarki kuma a Musaned take, ba Qiwa ba.

Auwalu Nas: Kuma aikin buɗe ciki irin wannan ya fi na Sabi'u nauyi sosai. Kwana biyu ko uku a asibiti, warkewa kuma sati huɗu zuwa shida, ba ɗaga bokiti, ba goyon yaro, ba jan kafet. Kwana 30 ɗin da ƙyar zai kai ki. Ki faɗa mata da wuri, da takardar a hannunki, domin ke a gidan za ki yi jinyar, a gabanta. In ba ta ji daga bakin likita ba, rana ta goma ta gan ki a tsaye za ta miƙo miki tsintsiya.

Maman Hanan: Na gode. Hajiya zan biyo ki ta gefe in babu damuwa.

Ummu Fahad: Bismillah, ki turo.

Habibu Karantina: Ni tambayata, dole ne sai ya faɗi sunan ciwon? Ƙaba a matsematsi ba abin da mutum zai so a riƙa yawo da shi a mustauda ba ne. Ka faɗa wa mushrif da safe, kafin azahar masu shara sun ji. Ni da aka yi mini aiki cewa na yi ƙaramin aiki ne a ciki, ban ƙara ba.

Ummu Fahad: Ba dole ba ne. Abin da mushrif yake bukata shi ne ranaku da abin da aka hana ka yi. Kana iya roƙon likita ya rubuta gajeriyar takarda mai cewa za a yi wa wane aiki ranar kaza, an hana shi ɗaga abin da ya wuce kilo kaza har sati kaza. Cikakken takarir ya tsaya a hannunka, ko ya je ofishin ma'aikata kaɗai.

Auwalu Nas: Hajiya a nan na ɗan saɓa miki. Haƙƙinsa ne ya ɓoye, ban musa ba. Amma a wurin masu ɗaukar kaya, kalmar fatak kowa ya san ta, kowane mushrif na mustauda ya taɓa ganin wanda ya yi ta. In ka ce fatak, ba sai ka yi dogon bayanin dalilin hana ka ɗaga buhu ba. In ka ce "ƙaramin aiki" kuma ka nemi sati shida, sai ya ga kamar wayo ne. Kalmar ƙarami ma ita ce ke ja wa mutane, su faɗe ta don kada a tsorata, daga baya a kama su da ita.

Habibu Karantina: Ni dai ban yi nadama ba. Mutum da sirrinsa.

Auwalu Nas: Aikin me kake yi Malam Habibu?

Habibu Karantina: Kashiya ne a shagon kayan gini.

Auwalu Nas: To ka ga kai ba wanda zai ce ka ɗau buhu.

Sabi'u Jidda: Ni ba na jin kunyar faɗa masa shi kaɗai. Abin da ya fi damuna, in ya ce ba shi da aiki marar nauyi fa? Ko ya ce in ɗaga aikin sai bayan Sallah?

Ummu Fahad: In babu aiki marar nauyi, sai ka koma wa likita a ranar dubawa ka gaya masa, shi yake da ikon ƙara maka hutu in ya ga dacewar haka. Nawa ne albashinka?

Sabi'u Jidda: Riyal 2,400 har da alawus, ban da idafi, wato kuɗin ƙarin lokaci.

Ummu Fahad: To mu ɗauka an rubuta maka kwana 42 cur. Kwana 30 na farko ba a taɓa komai. Sauran 12 ɗin, yininka riyal 80 ne, za a ba ka 60, ka rasa 20 sau 12, riyal 240 ke nan. Wannan in ba ka ci wani hutun rashin lafiya a 'yan watannin nan ba, in ka ci sai a cire daga 30 ɗin. Asararka ta gaske idafin azumi ce, ita kam ta tafi, ka shirya wa gida tun yanzu game da kuɗin Sallah. Kana kuma da damar neman a haɗa maka hutun shekara da na rashin lafiya, kwana 21 kake da su tunda ba ka kai shekara biyar ba. Amma kada ka bari a ce ka ɗauki hutun shekara a madadin na rashin lafiya tun daga ranar farko, kamfanoni da yawa suna son haka. Kuma ko kwana ɗaya kada ka zauna a gida ba takarda, wannan fashi ne, kuma fashi ne ke ba su hujjar da ciwo bai ba su ba.

Auwalu Nas: Maganar ɗagawa kuwa, ba kai da mushrif za ku yanke ba. Ƙabar da ke komawa kuma ba ta ciwo sosai ana iya jinkirta ta, likitoci na yi. Amma jinkiri ga wanda zai zauna daban, jinkiri don ka yi wata biyu kana ɗaga buhu a lokacin da aiki ya ninka daban. Ka kai wa likita tambayar kamar yadda take. Kuma ko yau ne, in kumburin ya fito ya yi tauri ya ƙi komawa, ciwo ya tsananta, ga amai, ko ciki ya kumbura ba bayan gida ba tusa, kada ka jira mau'idi kada ka jira izinin kowa. Hanji ne ya maƙale, sa'o'i ake ƙirgawa. Ka tafi sashen gaggawa ko a kira 997.

Sabi'u Jidda: Na gode ƙwarai. Gobe zan fara komawa wajen likita, jibi in samu mushrif.

Sabi'u Jidda: Salam, ga yadda aka yi. Da likita ya ji nauyin buhunan sai ya rubuta sati shida, kada in wuce kilo 5 a sati biyun farko, kuma ya ce bai ba da shawarar a kai bayan Sallah ba. Na samu mushrif bayan azahar. Da farko ya ɗaga murya, ya ce me ya sa sai yanzu a bakin azumi. Na miƙa masa takardar na yi shiru. Da ya ga fatak sai ya sauko, ya ce yayansa ma an yi masa. Ya ce sati biyun ba matsala. Na zama a kan ƙirgar kaya kuwa ya ce ba a hannunsa yake ba, akwai mai yi, sai ya yi magana da mudir ko za a musanya mu na wata ɗaya. Na tura saƙon a rubuce kamar yadda Hajiya ta ce, ya karanta, bai amsa ba. Muwafaka ma har yanzu shiru.

Ummu Fahad: Ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye. In Lahadi ta yi ba ka ji komai ba, ka je ofishin ma'aikata da kanka da kwafin takardar, ka ce a sa maka hannu an karɓa. Asibitin kuma ka kira sashen ta'amin ka nemi lambar buƙatar, da ita za ka bi kamfanin.

Baba Ɗanjuma Misfala: Shi mai ƙirgar kayan da za a musanya ku, ka same shi da kanka kafin mudir ya kira shi. Buhunanka zai ɗauka wata guda cikin azumi, kada ya ji a bakin wani.

Sabi'u Jidda: Wallahi ban yi wannan tunanin ba Baba. Ɗan Sudan ne, tare muke cin abinci. Zan same shi yau bayan isha'i.